Wasan taubasantaka bai hana a ba ni takardar gargaɗi ba

Shekara shida na yi a biron nan, gobe zan miƙa makullai. Yaran da aka ɗauka bana sun ce in bar musu wata shawara, to ga ta, a kan wasa.

Ni Bagobiri ne, daga Tibiri. Akwai wani Bazabarme da muke teburi kusa da kusa, kullum da safe sai in ce, "Bawana, ka kawo wa ubangidanka shayi?" Shi kuma ya ce ai kajin gidanmu ne suka yi mini wannan zanen a fuska. Ranar da aka biya albashi har dala ashirin yake karɓa a hannuna, wai kuɗin shara. Ba mu taɓa ɓatawa ba.

Sai aka kawo wata daga Dosso, ita ma Bazabarma. Satinta biyu da zuwa, muna taro da baƙi daga Yamai, ta tashi za ta karanta rahoto, na ce, "Ku yi haƙuri da baiwata, tun da mijinta ya sallame ta lissafi ya gudu." Mutum biyu suka yi dariya. Ta tsaya riƙe da takardar, hannunta na rawa, ta karanta har ƙarshe ba ta ɗago kai ba. Kashegari na tarar da takardar neman ba'asi a kan teburina, in amsa cikin kwana biyu.

Na cika shafi guda da kare kaina. Har na rubuta cewa UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin al'adun da duniya ke tattali a 2014. Shef ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Malam, wace Zabarma ce aka saka? Ƙabilarta ka taɓa ko aurenta?" Na rasa ta cewa. Taubashi kakanninka yake zolaya, da abincinku da tsagenku, abin da duk danginku suka yi tarayya a kai. Ni kuwa na ɗauko abin da ya same ta ita kaɗai, na shanya gaban baƙi, ga ta sabuwa, ba ta da bakin ramawa. Ko "baiwar" ma ban san asalin gidansu ba, kuma a ƙasar nan akwai waɗanda kalmar ba wasa ba ce a wurinsu.

Gargaɗin ya shiga fayil ɗina, kuma na yarda na ci shi. Abin da har yau bai kwanta mini ba shi ne, shi shef ɗin kullum "Gurgu" yake kiran mai gadi, mai gadin yana dariya don kwantiraginsa na wata shida-shida ne. Ba wanda ya rubuta masa komai.

Sauran kaɗan ne. Rashin haihuwa, bashi da jikin mace, ku bar su. Abin da kuka tura a WhatsApp na biro ana ɗaukar hotonsa. In ka yi wasa sau biyu ba a rama ba, daina.

Na je na ba ta haƙuri bayan wata guda. Ta ce ya wuce, amma har yau "Malam" take ce mini, ba ta taɓa cewa Bagobiri ba.