Yadda na gano ainihin kuɗin da wankin kai ɗaya yake ci a shagona

Na shekara biyu ina karɓar naira 2,500 a kan wankin kai da turarawa da busarwa, kuma da za a tambaye ni daga ina na samo wannan farashi, amsar ita ce maƙwabciyata ta bakin titi haka take karɓa. Ranar Juma'a da Asabar shago yakan cika har wasu su zauna a benci a waje. Amma da lokacin biyan haya ya zo sai da na ɗauki kwasar adashina na cika. A daren ban yi barcin kirki ba, domin na san ba almubazzaranci nake yi ba. Washegari na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na ƙudurta sai na san abin da kai ɗaya yake ci kafin in sake faɗa wa kowa farashi.

Da kayan aiki na fara, don su ne ake gani da ido. Na buɗe sabuwar jarkar shamfu mai lita 4 da na saya 12,000, na manna mata takarda a jiki, duk kan da aka wanke sai a ja layi ɗaya. Ta ƙare a kai na 80, wato naira 150 ke nan kowane kai. Robar man turarawa ta 9,000 kuwa kai 30 kacal ta yi, 300 ke nan. Man kai ya ci kamar 100, jarkar mai-ruwa ɗaya 100, gas ɗin dafa ruwan 100, sabulun wankin tawul 50. Duka suka tashi 800. A da ina ce wa kaina kayan ba su wuce 400 ba, saboda ruwa da gas da sabulu daga aljihu nake biyan su ba tare da na ɗauke su a matsayin kayan aiki ba.

Sai lokaci. Na yi imani awa ɗaya nake yi. Na riƙa duba agogon waya daga zaman mace a kujera har tashinta, a kan mata goma. Sai ga shi awa ɗaya da rabi ce, domin yawancinsu da tsohon kitso suke zuwa, tsifar kai kaɗai takan ci minti ashirin zuwa talatin, kuma ban taɓa karɓar ko sisi a kanta ba.

Inda na fi daɗewa shi ne haya, a nan ne kuma na fara yin kuskure. Hayar shagona 360,000 ce a shekara, 30,000 a wata. Na ƙara 5,000 na mai gadi da kwasar shara da harajin ƙaramar hukuma. Na kuma tuna cewa draya da na'urar turarawa da janareto ba za su dawwama ba: kuɗinsu 360,000, idan suka yi mini shekara uku, to kowane wata 10,000 suke ci a ɓoye. Jimilla 45,000. Ina buɗewa awa 10 a rana, kwana 26 a wata, awa 260. Na raba, na samu kusan 173 a awa, har na ji sanyi a raina.

Yayata da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari ta zo ta duba littafin. Ta ce, "Ke ƙanwata, ranar Litinin da safe da kike zaune kina kallon titi, wa yake biyan hayar wannan awar?" Na yi shiru. Ta ce, "To matan Asabar ne suke biya. Ki raba da awannin da hannunki yake kan gashi, ba awannin da ƙofa take buɗe ba."

Na koma na ƙirga aikin wata guda daga littafin. Awa 100 ne kawai nake kan aiki, kusan awa huɗu a rana idan aka haɗa ranakun cunkoso da na zaman jira. Da na raba 45,000 gida 100 sai ta ba ni 450 a awa, fiye da ninki biyu da rabi na lissafin farko. Kai ɗaya mai awa ɗaya da rabi yana ɗauke da 675 na haya da sauransu tun kafin a zuba masa ruwa. Wannan lamba ita ce ta fi girgiza ni, kuma na lura ba a tsaye take ba. A farkon azumi, lokacin da mata suke rage zuwa, awannin aiki sukan sauka, kuɗin awa ya hau. A satin Sallah kuma ya faɗi. Shi ya sa wata na tsaka-tsaki na ɗauka, ban ɗauki na Sallah ba.

Wuta ta fi sauƙin aunawa tunda mitar kati gare ni. A bayan kowace na'ura an rubuta ƙarfinta. Drayata wat 1,000 ce, idan ta yi rabin awa ta sha rabin yunit. Da na haɗa da turarawar minti ashirin da fanka da fitila, kai ɗaya yana shan kusan yunit ɗaya, na kuma tabbatar da haka ta hanyar karanta mita kafin aiki da bayansa. Kuɗin yunit kuwa a rasit yake: ki raba abin da kika biya da yawan yunit ɗin da aka ba ki. Nawa ya kama naira 70. Masu shago a layin wutar da ke rukunin A, wato Band A, kada su ɗauki lambata, don tun watan Afrilun 2024 nasu ya haura 200.

Amma ba kullum ake da wuta ba. A cikin kai goma, shida da janareto na busar. Na zuba lita ɗaya cif na ga ta kai ni kusan awa ɗaya da draya a kunne, kuma a lokacin 900 nake sayen lita. Kai shida a 900 da kai huɗu a 70 sun ba ni 5,680, wato kusan 570 kowane kai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ɓangare yake ta hawa, ni kuwa farashina yana nan inda yake.

Na ƙarshe shi ne ladan hannuna. Da farko na ji nauyin rubuta shi, kamar ina cajin kaina. Amma ranar da na kwanta rashin lafiya dole in biya wata ta tsaya a madadina, don haka kuɗi ne na gaske. Na ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasa, 70,000, na raba da awa 100, ya zama 700 a awa, 1,050 a kan kai ɗaya.

Na jera su: kaya 800, haya da tsufan na'urori 675, wuta 570, ladan aiki 1,050. Suka tashi 3,095. Ina karɓar 2,500. Ma'ana bayan an cire kaya da haya da wuta, naira 455 ce take rage mini a tsayuwar awa ɗaya da rabi, ita ce kuma nake kira riba in kai kasuwa in yi cefane.

Na mai da farashi 3,500, mai dogon gashi ko mai cika 4,000 saboda ya fi shan mai da lokacin draya. Tsifa na ware ta daban a 500, sai ga shi da yawa sun fara zuwa da kansu a tsefe, aikin ya dawo kusan awa ɗaya. Na kuma daina tayar da janareto don kai ɗaya idan akwai wata a layi; nakan wanke biyu, ɗaya tana turarawa ɗaya tana ƙarƙashin draya, lita ɗaya ta ɗauki biyu.

Wata Hajiya da ta daɗe tana zuwa ta ce, "Anti, har da mu?" Na ce, "Hajiya, wallahi ba son kuɗi ba ne," na buɗe mata shafin na nuna mata layin fetur. Ta duba, ta biya, kuma tana zuwa har yau. Mata uku sun koma wani shago, na ji zafin tafiyarsu. Abin da nake sa ido a kai yanzu shi ne awannin aiki, domin idan suka sauka ƙasa da 80 a wata, 3,500 ɗin ma ba za ta rufe kuɗin kai mai awa ɗaya da rabi ba. Takardar tana nan manne a jikin sabuwar jarka, an ja mata layi 23.