Inda na kwana a kan jita da doguwar waya

Jama'a wannan satin a kan impidans na zauna, wato yadda na'ura take tare wa siginar lantarki hanya, kuma jitar lantarki ce ta buɗe min kai. Duk wanda ya taɓa jona ta da waya mai tsawon mita 10 ya san muryar dakushewa take yi, kaifin nan na sama ya tafi, kamar an rufa wa sifika bargo.

Ƙa'idar dai ita ce, impidans na abin da yake karɓar sigina ya ninka na mai bayarwa aƙalla sau 10, ta haka kusan duk bolt ɗin zai isa, ba zai zube a hanya ba. Amfilifayar jita yawanci 1 MΩ ce a bakin shiga, to a takarda ai komai lafiya. Matsalar ita ce ba amfilifaya kaɗai jitar take ɗauka ba, ita kanta wayar kaya ce a kanta. Zaren tsakiya da ragar da ta naɗe shi sun zama kafasita, abin da yake ba siririn sauti hanya fiye da mai kauri, kusan 100 pF a kowace mita, wato mita 10 ta ba ka 1000 pF kenan a tsaye tsakanin sigina da ƙasa.

Na zauna na buga lissafi. A 100 Hz wannan kafasitan yana tare hanya da wajen 1.6 MΩ, babu damuwa, shi ya sa kaurin murya yake wucewa salin alin. Amma a 5000 Hz ya faɗo zuwa 32 kΩ kacal, ita kuma jitar daidai nan nata impidans ɗin yake hawa saboda naɗin wayar da ke cikin fikof, abin da yake ɗauko sautin tsirkiya, to ina maganar ninki 10? Ta rushe, siririn sautin ya zurare ƙasa.

Abin ya fi muni in ka rage bolum. Bolum ɗin jita mai 250 kΩ in yana tsakiyar juriyarsa, wayar tana ganin wajen 62 kΩ a bayanta, sai ka sa shi a matsayin R, kafasitan wayar kuma C, f ya ba ka inda za a fara yanke sautin sama:

```
f = 1 / (2πRC)
```

Da mita 10 yankan yana farawa wajen 2500 Hz, da mita 3 kuwa sai an haura 8000 Hz. Gwajin ma ba wuya, rage bolum kaɗan ka saurara, in kaifin ya riga ƙarfin tafiya to wayar ce.

Sai na sa bafa, fedal ɗin da bakinsa 1 MΩ ne amma fitarsa wajen 1 kΩ. Da waccan wayar dai yankan ya koma can wajen 160 kHz, kunne ba ya kai wa nan. Amma fa wurin sa shi ne magana, gajeriyar waya daga jita zuwa bafa, doguwar ta biyo baya. In ka ajiye shi a gindin amfilifaya aikin banza ne, an riga an yi ɓarnar kafin sigina ta iso gare shi.