Juma'a huɗu da suka ɓace a lissafi

Litinin, bayan sallar isha'i.

Tun safe nake kan rahoton cinikin watan da ya wuce. Na zata kafin azahar zan miƙa wa Alhaji, sai `COUNTBLANK`, dabarar da ke ƙirga guraben da ba a cike ba a teburin lissafi na kwamfuta, ta nuna mini gurbi 9 babu komai a ciki.

Biyar ba su ba ni wahala ba. Uku suna layi ɗaya da aka shigar sau biyu, na biyun ba kwanan wata, ba kaya, ba kuɗi, sai lambar rasit. Na duba rasit ɗin, na ga cikakkensa yana sama, na goge. Biyu kuma ranakun da shagonmu na cikin gari ya rufe ne saboda rasuwa. Nan sifili na sa, tunda da gaske ba a sayar da komai ba.

Sauran huɗun duk na shagon Wudil ne. A kwana 26 an rubuta buhun shinkafa 520, wato 20 a rana. Abokin aikina ya ce in zuba sifili mu wuce. Na nuna masa cewa `AVERAGE`, mai fitar da matsakaici, tana tsallake gurbin da ba komai, amma tana ƙirga sifili, sai 20 ta koma 17 da ɗoriya, a ɗora wa shago faɗuwar da bai yi ba. Ya ce to in cike da 20 ɗin. Saura kaɗan in yarda.

Allah ya taimake ni na kalli kwanan watan. Duk huɗun Juma'a ne, ranar da kasuwar Wudil take ci. Na kira yaron shagon, ya ce, "Wallahi Malam, ranar kasuwa ko ruwa ba na samun sha, balle in riƙe biro." Ashe yawan ciniki ne ya hana rubutun, kuma matsakaicin ranakun da ba cunkoso ba zai tsaya a madadinsu ba.

Sai na koma littafin sito. An buɗe wata da buhu 700, ba a kai sabon kaya ba, an rufe da 20. Buhu 680 suka fita ke nan, an rubuta 520, saura 160, kusan 40 kowace Juma'a. Da na cike da 20, da buhu 80 sun salwanta a takarda, kuma na san wanda za a fara tuhuma.

Duk da haka ban rubuta 40 a guraben ba. A cikin 160 ɗin nan za a iya samun na bashi ko wanda ya lalace. Na bar su a buɗe, na shafa musu ruwan ɗorawa, na ƙara layi a ƙasa: "Kiyasi daga sito, buhu 160, ba daga rasit ba."

Alhaji ya karanta, ya ce me ya sa jimilla ta zama biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, 520 muna da shaidarta, 680 kuwa sai an tantance." Ya yi shiru, sannan ya ce Juma'a mai zuwa a tura yaro na biyu ya riƙe littafi.