Lasin bai ceci bawan Allah nan ba

Yau da safe a titin Ikorodu da ke Legas jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, suka tsayar da wata mota mai lambar Kano a layin BRT. Direban sai ɗaga lasin yake yana cewa takardunsa sun cika. Gaskiyarsa ce, lasin tuƙi na Najeriya ɗaya ne, na Kano yana aiki a Legas har wa'adinsa na shekara 3 ko 5 ya ƙare. Amma ba takarda ake tuhumarsa ba. Layin da aka keɓe na manyan bas ɗin BRT ne kawai, ko da wayam ka gan shi kana cikin cunkoso.

Wanda ya fi wannan muni shi ne bin hanya ta hannun da aka haramta, don dokar sufurin jihar ta 2018 ta ba kotu damar ƙwace motar gaba ɗaya. Sannan duk mai tuƙin haya ko na kamfani sai ya haɗa da katin LASDRI, cibiyar horar da direbobi ta jihar Legas, ana sabunta shi duk shekara. Ina ta tunanin 'yan'uwanmu da ke saukowa neman aikin direba, wa yake faɗa musu wannan kafin su kama sitiyari?