Talata, cokalin shayi

Tun da na dawo daga sitidiyo maganar cokalin nan ta ƙi barin raina, har Umma sai da ta tambaye ni ko wani abu ya faru a hanya. Bari in rubuta ko na samu in yi barci.

Da safe lafiya lau na fita, har da farin cikina, don yau ne za a ɗora muryar Hausa a kashi na 3 na katun ɗin nan na lafiyar yara, kuma wannan ne karo na farko da zan zauna a ɗora murya a gabana. Kun san da Turanci nake rubuta shi tunda masu aikin Turanci suke karantawa kafin su sa hannu, sai Abba ya zana a kan muryar Turancin, daga baya a ɗora Hausa, na Faransanci kuma a tura Yamai. Adaidaita ya ajiye ni wajen ƙarfe 10, ba wuta, janareta ake ta fama da shi.

Komai na tafiya daidai har muka zo wurin da nas take koya wa mahaifiyar yarinya haɗa ruwan gishiri da sukari saboda gudawa. Layi ɗaya ne. A Turanci gaɓa 21 ne cif, na ba shi sakan 5, wato firem 125 tunda hoto 25 muke yi a sakan, kuma fuskar nas ce ta cika sikirin tun daga farkon layin har ƙarshensa. Mai muryar Turancin ta faɗe shi a natse ba gaggawa, gaɓa 4 da 'yan kai a sakan.

Anti Ladi, mai muryar nas a Hausa, ta sa abin kunne, ta duba takardar fassara ta karanta: "Sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta." Kafin ta kai "lita" bakin nas ya rufe, hoto ya wuce kan yarinya. Malam Sani mai ɗora murya ya dawo da shi baya. Ta sake da sauri, wannan karon ta shiga amma kamar mai tallan magani a tasha, ni da na san abin da ke ciki ma ban kama adadin ba balle uwar da ke kallo a waya ɗanta na kwance. Sau 4 ana yi. Na ɗauki biro na ƙirga a bayan takarda, gaɓa 34. A sakan 5 kusan 7 kenan kowane sakan, kuma Hausa ba ta son a tsuke ta haka saboda dogayen wasulanmu, in ka gajarce su maganar sai ta fita wani iri.

Sai Malam Sani ya yi abin da duk mai ɗora murya yake yi, ya karɓi takardar ya fara yanka. Ya soke "a shafe", ya soke "mai tsafta", sannan ya soke "shayi" duka biyun. Ya rage "Sukari cokali shida, gishiri rabin cokali, a ruwa lita ɗaya." Ya zauna daram a kan bakin, wallahi kamar da Hausa aka zana shi. Har na fara murmushi.

Anti Ladi ce ta cire abin kunnen ta juyo ta kalle ni ta cikin gilas, ta danna makirfo ta ce, "Ƙanwata, wane cokalin?"

Na ce, "Na shayi mana Anti."

Ta ce, "To ai ban faɗa ba. A gidanmu in aka ce cokali, na cin shinkafa ake miƙo miki."

Jikina ya yi sanyi. Cokalin shayi mililita 5 yake ɗauka, babban cokali 15, ninki uku kenan. Uwa ta zuba rabin babban cokali na gishiri a lita ɗaya, ta ba yaron da ruwan jikinsa ya riga ya ƙare, gishiri ya yi masa yawa a jini, abin da aka ce magani ne ya koma cuta. Sukarin ma in ya yi yawa ƙara gudawar yake yi. Kalma ɗaya mai gaɓa biyu.

Malam Sani bai ji haushi ba, ya ce, "Hajiya ni sakan 5 aka ba ni, ba ni da inda zan sa shi. In kin ce a bar shayin sai a gaya min me zan cire." Kuma gaskiyarsa ne. Shi aikinsa ya sa magana ta fara lokacin da baki ya buɗe ta ƙare lokacin da ya rufe, ba shi ya yanke wa layin tsawo ba. Ni na yanke, a ɗakina, da agogon waya, ina karanta Turanci. Ban taɓa furta layin da Hausa ba ko sau ɗaya kafin in miƙa, alhali na san da Hausa mafi yawan masu kallo za su ji shi.

Akwai wata matsalar kuma a layin dai, ita ma Anti Ladi ce ta hango. Na rubuta cewa nas ta ɗaga yatsu shida a daidai kalmar farko, don Bature da adadi yake farawa sannan ya faɗi abin da ake ƙirgawa. Mu kuwa sai mun ce sukari, mun ce cokalin shayi, sannan shida ya zo. To yatsun suna ɗagawa tana cewa "sukari", lokacin da ta kai "shida" hannu ya riga ya sauka. Wanda bai san aikin ba ba zai iya gaya maka me ya ɓaci ba, zai dai ji nas ɗin kamar ba da shi take ba.

Muka kira Abba a waya. Sake zana fuska tana magana aiki ne na kwanaki, ba kuɗinsa ba lokacinsa. Amma ya tuna yana da hoton hannu yana shafe bakin cokali da yatsa, wanda ya zana bai yi amfani da shi ba. Aka tsaya a kan cewa nas za ta fara layin a fuska, sakan 2 kawai, sai a yanka zuwa hannu da cokali da kofi, murya na ci gaba a kai ba bakin da za a bi. Ya ƙara firem 50, layin ya koma sakan 7, yatsun kuma an cire su gaba ɗaya, lamba 6 za ta fito a gefen cokalin ta zauna har ƙarshe, duk inda harshe ya ajiye adadinsa zai same ta a nan. Anti Ladi ta karanta cikakken layin, da shayinsa da shafewarsa da tsaftarsa, gaɓa 5 a sakan, har da ɗan numfashi bayan "a shafe". Na Turancin zai samu shiru na sakan 2 a kan hannun, ba wanda zai lura, kiɗa ne zai cike.

Abincin rana gurasa, Malam Sani ya saya mana. Wuta ta zo ƙarfe 2 ta koma kafin la'asar.

Abu na biyu ƙarami ne amma shi ma nawa ne. Yarinyar tun kashi na 1 "Inna" take kiran mahaifiyarta a Hausa, kuma duk daga nesa ne ko daga bayan ƙofa. A kashi na 3 na kawo kamara daf da fuskarta tana kira, kalmar Turancin kuwa leɓe sau biyu yake haɗuwa a cikinta, farko da ƙarshe. Ku gwada cewa Inna a gaban madubi, leɓe ba ya taɓa juna sam. Mai kallo yana yafe abubuwa da yawa a baki, amma haɗuwar leɓe ta b da ɓ da m ido yana kama ta nan take, musamman a fuska ta kusa. Da Mama muka zaɓa tun farko da ya hau, to ba a sauya wa uwa suna a kashi na 3. Abba ya ce wannan zai gyara bakin da hannu tunda bai kai sakan ɗaya ba, amma na Hausa kaɗai, kada in saba.

Da daddare na buɗe kashi na 4 wanda gobe ya kamata in miƙa, na bi shi layi-layi. Kowane layi sai na faɗe shi da Hausa da ƙarfi, yadda mutum zai faɗa wa maƙwabciyarsa, agogo na tafiya, in rubuta lokacin da ya fi tsawo a gefe. Ba kullum Hausa ce ke tsawaita ba, "jiya" ta fi ta Turanci gajarta, amma tambayar dalili da Bature ke yi da gaɓa ɗaya mu "me ya sa" ce, uku, sha biyu ma haka, ɗaya da uku. Gajerun layukan nan da na fi alfahari da su su suka fi matsewa. Na ƙara shafi a gefen kowane layi, "ana ganin baki" ko "ba a gani", duk wani adadi da awo da sunan magani na mayar da shi inda ba a ganin baki. Na kuma sa alama a kan kalmomin da ba a yarda a yanke ba ko da lokaci ya ƙure, da waɗanda in an matsu a cire, don kada in bar wa Malam Sani zaɓin shi kaɗai a cikin sitidiyo.

Na ci karo da wurin da baƙo yake shigowa gida da gaisuwar Turanci mai gaɓa ɗaya, fuskarsa a kusa. Bahaushe ba ya faɗowa gidan mutane haka, salamu alaikum gaɓa 6 ce, kuma sai an amsa. Na mayar da shi bayan ƙyaure, a ji sallamarsa kamara na kan tsakar gida, sakan 4 har da amsawa. Kashin gaba ɗaya ya haura da sakan 20 a kan minti 5 da aka ba ni, don haka wasan da yarinya take yi da ƙanenta a farko zai fita, kuma ina son wurin nan.

Abin da ya hana ni kwanciya shi ne kashi na 1 da na 2 sun riga sun fita, suna yawo a wayoyin mutane tun watan jiya, kuma ban zauna a ɗora muryarsu ba. A na 2 akwai inda nas take faɗin sau nawa za a ba yaro maganin zazzaɓi a rana, na tuna shi ma a fuska na sa shi, kuma gajere ne. Na tura wa Malam Sani saƙo ya turo min fayil ɗin Hausar, ya ce sai da safe in an kunna janareta.