Inda na kai da ɗan shirin da ke gadin farashin USDC

'Yan uwa masu koyo, shirin ya fara tsayawa da ƙafafunsa. Aikinsa guda ne: kafin in canza kuɗi zuwa USDC, kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, ko in zuba shi a wani rumbun musayar kuɗin kirifto, ya duba ko har yanzu yana ɗaure a turkensa na dala ɗaya. In ya fara tsinkewa, ya rufe ƙofa ya turo min saƙo ta Telegram.

Da abin da ya faru a Maris 2023 nake gwada shi. Ranar Juma'a 10 ga wata hukuma ta rufe Silicon Valley Bank a Amurka. A daren nan kamfanin Circle, mai fitar da USDC, ya sanar cewa dala biliyan 3.3 daga cikin ajiyarsa ta kusan biliyan 40 tana bankin. Mu a nan ana barci, ko asuba ba ta yi ba. Ranar Asabar USDC ya sauka zuwa wajen santi 87, ya kuma ja DAI, wani kuɗin da ke ɗaure da dala, ƙasa, domin kaso mai yawa na jinginar DAI da USDC aka yi ta. Tambayar da nake yi wa kowane ma'auni ita ce: da wannan nake kallo a daren, yaushe zai tashe ni?

Orakul ɗin Chainlink na USDC/USD, mai kawo farashin kasuwa kan Ethereum, abin dogaro ne, amma ba ya motsi sai farashi ya kauce da kashi 0.25 cikin ɗari, ko kuma kusan awa 24 ta wuce. Don haka ban sa shi a gaba ba, shaida na biyu ne. Kuma duk wanda ya kira `latestRoundData` ya karanta `updatedAt`, kada ya ɗauki farashin jiya a matsayin na yanzu.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne rumbun 3pool na Curve, mai ɗauke da DAI, USDC da USDT, dukkansu masu ɗaure da dala. An gina shi ne yadda farashi zai maƙale kusa da ɗaya ko da kayan ciki sun karkata sosai. Ma'ana, mutane na iya yin ta jibge USDC suna kwashe USDT, farashi bai nuna komai ba tukuna, amma rabon kowane kuɗi a rumbun ya riga ya tona asiri. Shi ya sa nake karanta `balances` na ukun, in fitar da kason kowanne. A kula, DAI yana da gurbin lamba 18, sauran biyun 6 ne. In ba a daidaita ba lissafin shirme zai fito. Da kuɗi ɗaya ya haura rabin rumbun, shirin ya ba ni gargaɗin farko.

Sai in tambayi rumbun abin da zai ba ni in zan fita da adadin da nake shirin sakawa, ba da dala ɗaya ba:

```python
dx = 5_000 * 10**6
rate = pool.functions.get_dy(1, 2, dx).call() / dx
```

Lamba 1 ita ce USDC, 2 kuma USDT. In `rate` ya yi ƙasa da 0.995, wato 5,000 ta koma ƙasa da 4,975, kuma ya zauna haka a dubawa uku a jere, minti ɗaya tsakani, ƙofa ta rufe. Jiran nan saboda babban ciniki guda kan girgiza farashi na ɗan lokaci ya koma. Iyakokin zaɓina ne, kowa ya sa nasa.

Wannan awo da USDT aka yi shi, ba da dala ba, kuma a ƙarshen makon nan USDT ɗin ma ya ɗan haura dala saboda masu gudowa gare shi. Don haka nake haɗawa da farashin USDC/USD na Kraken, inda dala ce ta gaske a ɗaya ɓangaren. Farashin naira na P2P kam a bar shi, hawa da saukar naira zai haɗiye alamar gaba ɗaya.

In majiya ɗaya ta yi shiru ko bayaninta ya tsufa, shirin yana ɗaukar hakan a matsayin alamar haɗari. Gara ya hana ni shiga a banza.

Abin da na ƙi ba shi shi ne ikon sayarwa da kansa. Wanda ya saki USDC 5,000 a santi 87 ya yi asarar dala 650, alhali zuwa Litinin 13 ga wata farashi ya dawo, bayan gwamnatin Amurka ta ce za a biya masu ajiya a bankin duka. Wanda kuwa ya riƙe UST na Terra, shi ma mai turken dala, a Mayu 2022 yana jiran ya dawo, bai dawo ba. Lambobin farkon rikicin biyu sun yi kama. Bambancin yana cikin abin da ke bayan kuɗin, kuma wannan sai mutum ya karanta da kansa. Gaba zan ɗora shirin a kan tsofaffin bulok na daren 10 ga Maris, in ga minti nawa ne tsakanin gargaɗin rumbu da motsin orakul.