Yadda Muke Tantance Sababbin Ɗalibai a Ajinmu na Larabci

Ina da 'yar makarantar yamma a Jidda, inda nake koyar da Larabci ga manya 'yan uwanmu Hausawa, yawancinsu direbobi da teloli da matan aure. Duk wanda ya zo rajista sai na yi masa gwaji na minti 15 kafin in san ajin da zan kai shi.

Gwajin da na fara tsarawa ya yaudare ni, domin gajerun surori na sa su karanta, ashe da ka suke kawowa ba tare da sun dubi takardar ba. Na kuma haɗa makin magana da na karatu wuri guda, sai ga direban da ya iya ciniki da Larabcin Hijaz amma bai san baƙi ba ya yi kunnen doki da gardin da ya sauke Alƙur'ani amma ba ya iya tambayar hanyar asibiti. Da na zaunar da su aji ɗaya, kowannensu ya ga ana ɓata masa lokaci.

Yanzu maki biyu nake rubutawa daban. Minti 5 na farko hira ce, daga tambayar suna da sana'a har zuwa ba da labarin abin da mutum ya yi jiya, domin a nan nake jin ko yana iya sarrafa aikatau a lokacin da ya wuce. Sannan in miƙa masa kati uku ɗaya bayan ɗaya: kalmomi masu wasali, jimlar da ba ta cikin Alƙur'ani, sai kuma takardar magani wadda ba ta da wasali ko ɗaya. Wannan kati na uku shi ne mai raba gardama, saboda mafi yawan waɗanda suka yi makarantar allo a nan suke cijewa. Daga ƙarshe in yi masa shiftar kalmomi biyar. Idan mutum ya kasa sau biyu a jere nakan tsaya, don babu amfanin kunyata dattijo.

Akwai kuskuren da ba na rage maki a kansa. Wata Hajiya ta riƙa karanta harafin fa a matsayin ƙaf, har na kusa mayar da ita ajin babbaƙu. Da na ce ta rubuta, sai na ga rubutun allo ne irin na gida, wanda ake sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a rubutun nan ɗigo ɗaya a sama fa ne, biyu kuma ƙaf. Na ce mata, "Hajiya, karatunki daidai yake, ɗigo ne kawai ya sauya wuri." Na sa ta aji na biyu a karatu, na ɗaya a magana, da sharaɗin zan sake duba matsayinta bayan mako biyu kamar yadda nake yi wa kowa.